Zabin Dapaong da Matar Direba

Sau ɗaya na taɓa shiga banki a Sokodé, da babbar rigar aro. Mushen banki, wato ma'aikacin da ke bayan tebur, ya ce in kawo takardar fili ko ta albashi. Ni da na bar lakwal tun ina aji biyu, takardar da na mallaka duk duniya ita ce wadda ake naɗe min tsire. Na fito ina gyara rigar mutane.

Mata huɗu na Zango ne suka ɗauke ni. Akwai wata kes, wato ƙaramar ma'aikatar lamuni, da ke ba mutum biyar bashi tare, ba jingina, ana biya duk Alhamis. Wanda ya gaza, sauran su cike masa, in ba haka ba an rufe wa kowa ƙofa. Sun rasa na biyar. Shugabarsu, wata Hajiya mai goro, ta dube ni sama da ƙasa.

"Malam, bakinka ya fi hannunka aiki. Amma mun san gidanka, mun san matarka."

Na karɓi rabona na tafi Dapaong saro zabi. A lokacin nan ne yajin aiki ya game ƙasa: ofis a rufe, banki a rufe, masu takardar albashi na cin bashin gari a kasuwa. Mota ta yi wuya, na maƙale mako biyu. Da na ga haka na sayar da zabin a can da riba, sai Shaiɗan ya nuna min wata rediyo mai baki biyu. Na saya, wai don jin labarin ƙasa.

A hanya na shirya ƙaryata tsaf: masu tare hanya sun kwashe zabin. Shekarar nan wa zai musa?

Washegarin dawowata da hantsi sai ga su huɗu a zaurena da tabarmi, suna ɓarar gyaɗa. Alhamis biyu sun biya min daga cinikinsu, kuma in ta uku ta wuce, Hajiya ba za ta samu kuɗin saro goron Salla ba. Na fara labarina har da share ido.

"Sannu, Malam," in ji Hajiya. "Su masu tare hanyar ne suka ba ka rediyo?"

Ashe matar direban da ya kawo ni ƙanwar mai ƙosan cikinsu ce. Tun kafin in sauke jaka labari ya riga ni gida. Da mushen banki ne, da ya rubuta ƙaryata ya buga mata hatimi.

Ranar Laraba na sayar da rediyon, na haɗa da ribar da ta rage. Alhamis na biya kes, na mai da wa matan nasu. Hajiya ta saro goronta, da aka sake zagaye kuma ba su cire ni ba. Mijin Hajiya ne ya sayi rediyon, don haka duk la'asar nakan je ƙofar gidansu jin labarin ƙasa, ita kuma ta miƙo min goro ɗaya, ta ce in ci a hankali, na bashi ne.