Kwanan Kyauta, Ban da Lokacin Citta

Ni ban yi boko ba, amma duk baƙon da ya taɓa kwana a masaukinmu na bayan tashar jirgin Kafanchan ya san bakina. Ni ke tarbar mutum, ni ke sallamarsa.

Da ɗana ya karɓi masaukin bayan rasuwar babansa, sai ya zo da wani kati daga Kaduna. Kowane kwana maki ɗaya, maki goma kwana ɗaya kyauta. Sharuɗɗan da Turanci suke, baƙinmu kuwa yawanci fataken citta ne, don haka muka kira Baba Ticha, tsohon malamin firamaren cocinmu, ya mayar da su Hausa. In ya rubuta layi sai ya karanta mini, in faɗa masa abin da na fahimta, ya duba ko shi ne ke cikin Turancin.

Muna tafiya lafiya har ya karanto: "Ba a karɓar kwanan kyauta a lokacin citta."

Na ce, "A'a! Wa zai faɗa wa Alhaji wannan?"

Alhajin nan Bakano ne, tun ɗana na rarrafe yake sauka wurinmu, kuma shi ke jawo mana sauran fatake. In ya yi fushi, ɗakunanmu sun zama na ƙadangaru.

Na ce, "Ticha, sa masa ɗan mai mana. Rubuta: a lokacin citta za a duba."

Ya cire tabarau. "Mama, in kin ce wa mutum za a duba, me ya ji?"

"Ya ji za a ba shi."

"To Turancin bai ba shi ba. In kuna so a ba shi, ɗanki ya canza Turancin, ni kuma in bi."

Ɗana ya ƙi. Ya ce ɗakunan lokacin citta su ke ciyar da mu har damina. Aka buga shi haka, gatsau.

Ranar da Alhaji ya iso, na zuba masa kunu, na zauna, na zayyana masa sharuɗɗan da ka kamar yadda Ticha ya karanta mini. Ni da ba a taɓa jin muryata ta yi rawa ba, da na zo kan citta sai da na yi gyaran murya.

Ya ajiye ludayi. "Wato lokacin da na fi zuwa, lokacin ne babu?"

"Haka yake, Alhaji."

"Makin fa, ƙonewa zai yi?"

"Yana nan. Kwanan lokacin citta ma ana lissafa shi. Karɓar ce sai damina."

Ya ɗauki ludayinsa, ya ci gaba da shan kunu. Can ya ce, "Da damina ina zuwa duba gonaki, kuma lokacin ne aljihu ke bushewa. Gara da kika faɗa yanzu. Da sai na zo da katina kin ce babu, da mun ɓata. Ɗan naki dai wayo gare shi kamar Bakano."

Na ce, "A wurinku ya koya."

Ya miƙo kwano. "Ƙaro kunun, in shi ma ba a hana shi lokacin citta."

Na cika masa har baki.