Na Gode wa Wanda Ya Kore Ni

Manajan kamfanin casar shinkafa bai taɓa cewa ya kore ni ba. Bayan shekara tara ina shugabancin masu inji a Birnin Kebbi, sai ya tura ni Argungu gadin wani sito da ko ɓera ba ya kwana ciki. Bayan wata biyu na ajiye aikin.

Lauyan da na je wurinsa ya ce a shari'a kora ce, in mun nuna matsi ne ya fitar da ni. Sai ya karanta takardar ajiye aikina: godiya, addu'a, neman gafara. Tarbiyyarmu kenan.

"Malam, ina matsin a nan?" in ji shi.

Ashe da hannuna na rubuta wa kamfanin shaida, har da amin.