Zaren da Ke Zuba

Na-Kumfa ake ce masa a layin, sunansa na yanka kuwa sai dai a tambayi matarsa. Shagonsa ɗan ƙuƙut ne tsakanin na tela da na mai aski, teburin guga ya cinye rabinsa, bahuna da bokitai sun cinye sauran, igiyoyin shanya kuma suna fili ta baya. Tun yana saurayi yake wanke manyan riguna masu aiki, ga shi yanzu furfura ta cika masa gemu, kuma ba a taɓa jin rigar da ta shigo hannunsa ta fita da zare a tsinke ba.

Dokokinsa kowa ya haddace su, har waɗanda ba su da riga, domin mutum ne da ba ya iya aiki baki a rufe. Ba ya haɗa mai aiki da wasu kaya a baho ɗaya, ba ya jiƙa ta ya tafi hira, ruwan zafi kuwa ko kusa. Baibai yake juya ta kafin ta taɓa ruwa, buroshi ba ya hawa kan aiki, ba ya murɗe ta wajen matsa. Sitatinsa da kansa yake damawa da ruwan sanyi, ya kwarara tafasasshe har ya yi haske, ya sirka, ya tace da ƙyalle saboda gudaji. Ya kan ce sitatin da ya yi yawa yana mai da mutum allon ƙofa, wanda ya yi kaɗan kuma yana mai da shi tsumma. Amma duk wannan ilimi a kan rigunan mutane ya ƙare. Shi kansa 'yar shara ce da wando, kullum a jiƙe har gwiwa.

Matarsa, wadda mata ke kira Mai Hula, da allura ta tsufa. Shi Uwargida yake ce mata, ko da yake ita kaɗai ce. A 'yan shekarun nan idonta ya soma yin hazo, zura zare ya koma kokawa, har likita ya ce ta ajiye ƙananan ɗinki. Ta ce to, ta ji. Ashe ta haɗa baki da tela, ya yanka mata farar riga daidai tsayin mijinta, ta ɓoye ta a ƙasan akwati. Kullum Na-Kumfa ya fita sai ta jawo kujera bakin ƙofa inda haske ya fi, ta yi ta fama da koren zare. Ranar da ta ƙulle zaren ƙarshe ta ba wa 'yar maƙwabta allurorinta duka. Da ya dawo ta miƙa masa rigar, ta ce ga aikinta na ƙarshe, ta gaji da ganinsa yana yi wa mazan wasu ado.

Tsohon nan ya zura riga, ya ɗaga hannuwa, ya juya, ya sake juyawa, sai ga shi yana rawa a tsakar gida ba kiɗa. Ya yi dariya har hawaye, ya fita ko takalmi bai nema ba. Ya gaisa da tela, ya gaisa da mai aski, ya shiga shagon mai aski don madubi kawai, ya fito ya sake gaisawa da tela. Mai aski ya ce abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Ranar mutanen da suka zo karɓar wanki sai da suka saurari tarihin kowane reshe da kowane ganye na aikin kafin a ba su kayansu.

Washegari hali ya motsa. Kowace sabuwar riga ta zo masa, ya kan jiƙa farin ƙyalle ya danna a bayan aikin, ya ga ko zaren zai ba da launi. Ya yi wa tasa haka yana murmushi, don wasa kawai. Da ya ɗaga ƙyallen sai ya gan shi kore shar. Zaren yana zuba, kuma ba ƙaramar zuba ba.

Ba wai bai san yadda ake yi da irin wannan ba. Ya wanke masu zuba da yawa, sun fita lafiya. Amma waɗancan na mutane ne, in ta ɓaci a ba da haƙuri, mai ɗinki ya sake wani aikin. Wannan kuwa idon da ya yi ta ba zai sake yin wata ba. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji a gaban baho ba. Kuma ya kasa gaya mata, don a ganinsa faɗa mata cewa mai zare ya cuce ta daidai yake da ce mata wahalarta ta tashi a banza. Sai ya yanke shawarar da ya ga ta fi sauƙi: zai ci gaba da sa rigar, ba zai wanke ta ba.

Sa ta kuwa ya yi, domin ya kasa haƙura. Da ya tashi daga aiki zai sa ta ya zaga layi, in hadari ya haɗo a ga tsoho yana gudu da riga a tattare kamar wanda ya sato ta. Gumi ma tsoronsa yake, don haka sai ya sa riguna biyu a ciki, abin da ya ƙara masa gumin. Wuyan ya yi baƙi, taurin sabunta ya tafi, rigar ta langaɓe a kafaɗunsa, ga ɗigon shayi a gefen aljihu. Tela ya ce wanzami ba ya son jarfa. Mai aski ya yi masa tayin kai ta wajen wani mai wanki da ya sani a bayan kasuwa, wai yana da sauƙin kai. Na-Kumfa ya yi ta dariya tare da su, yana cewa aiki ne ya yi masa yawa, gobe zai wanke.

Mai Hula ta ji goben nan har ta gaji. Wata safiya yana tsakiyar tace sitati sai ga ta a ƙofar shago da ƙunshi a hannu, ita da ba ta cika zuwa ba. Ta yi sallama kamar baƙuwa, ta tambaya ko nan ne wajen mai wankin da ake yabo, ta kwance ƙunshin a kan teburin guga. Ta ce rigar mijinta ce, mutumin kirki ne amma ƙazami, tana so a wanke yau, kuma a nan za ta zauna ta jira. Tela da mai aski suka bar abin da suke yi suka matso.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Na-Kumfa ya share hannu a wando, ya rage murya.

"Uwargida, zaren nan yana zuba. Na gwada tun washegari. Tsoro nake ji in ɓata miki."

Ta dube shi, sai dariya ta ƙwace mata har ta dafa teburi.

"Malam, ni da nake lasar zaren nan kafin in zura shi a allura? Harshena kore ya yi ta zama har na gama. Kai ne dai ba ka duba ba."

Ya tambaye ta, to da ta sani me ya hana ta canza zare. Ta ce lokacin da ta gane ta riga ta ci rabin ƙirji, idon kuma ba zai kai ta farkewa da sakewa ba.

"Sai na ce, wa nake aure? In akwai mai iya wanke ta a duniya, ai a ɗakina yake kwana."

Mai aski ya ce shi dai yau ya ga abin da ya fi aski. Na-Kumfa bai ji shi ba. Wani daɗi ya taso masa har kansa ya yi fayau, ya shiga ba da umarni kamar mai jan runduna. Aka aika tela ya cika bokitai da ruwa mai sanyi, mai aski ya kwaso busassun tawul, ita kuma aka ba ta moɗa. Ya juya rigar baibai, ya fara da jiki da hannuwa a cikin kumfa mara ƙarfi, ƙirjin yana saɓe a kafaɗar tela don kada ya taɓa ruwa. Sannan aka zo wurin da ake tsoro. Ya riƙe aikin a karkace yadda ruwan zai gangara ƙasa ba kan farin ba, ya ce ta zuba kada ta tsaya. Tana zubawa yana murza dauɗar wuya da yatsu, koren ruwa yana bin rariya, yana ta ce mata ƙara, ƙara, bakinsa na waƙa. Da kumfar ta fita bai matse ba. Ya shimfiɗa aikin tsakanin tawul, ya danna, ya canza wasu, ya sake dannawa, ya shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa, suka tsaya su huɗu suna gadin riga.

Da ta bushe ya tsoma jiki da hannuwa a sitatin da ya huce, ya bar ƙirjin a sama, ya sake shanyawa. Wajen guga ya yayyafa wa jikin ruwa, aikin kuwa ko ɗigo. Ya kifa shi a kan tawul mai kauri, ya bi bayansa da dutsen gugan da ya rage wa wuta, don zaren ya tashi kada ya kwanta. Ya juyo ta, ya ɗaga, ta tsaya ƙyam, fara tas, koren yana nan inda aka ɗinka shi. Tela ya yi tafi. Amma idon Na-Kumfa ya riga ya faɗa kan wani ɗan wuri a ƙasan aljihu, inda launi ya tsallake layi.

Mai Hula ta matso, ta shafa aikin da tafin hannu, ta bi reshe ɗaya da yatsa har ƙarshensa, ta ɗalli hannun rigar ta ji ƙararsa. Ta kawo fuskarta kusa, ta ƙanƙance ido, ta ja baya. Ya gane ba ta ganin tabon, kuma in ya ce babu, ba mai tona shi a cikin mutanen nan biyu.

"Ya zuba?" ta tambaya.

"Kaɗan. Bai kai ƙwayar wake ba."

Ta ce ya nuna mata. Ya kama yatsanta a gaban tela da mai aski, bai ko ji kunya ba, ya ɗora a wurin. Ta daɗe da yatsa a kai tana murmushi.

"To, wannan aikinka ne, sauran nawa," ta ce. "Sa ta ka raka ni gida. Ta babban titi za mu bi."