Kofin Wak Bedah da Ƙwai Na Ashirin da Bakwai

A unguwarmu ta bakin Kogin Musi, in an ce za a yi biki, kafin a nemi liman Wak Bedah ake fara nema. Ita ce mai girkin biki, kamar yadda uwarta da kakarta suka yi, kuma babu wanda ya kama ƙafarta wajen gasa maksuba, wainar nan ta ƙwan agwagwa ashirin da takwas da bota da madara da sukari, wadda dangin amarya ke kai wa iyayen ango. Abin alfaharinta ɗaya ne: shekara arba'in ba a taɓa cin abincin hannunta an kwana da ciwon ciki ba. Ni kuwa Lela, matar ɗanta Rozak, fiye da shekara ashirin na yi ina hura mata gawayi muna faɗa, ina kiranta Mak, wato uwa.

Tana da wani ɗan kofin tangaran mai tsagaggen baki. Kowane ƙwai sai ta fasa shi a ciki, ta duba, ta shinshina, sannan ta juye a babban kwano. Satin farko da na shigo gidan na so in nuna ni ma 'yar gidan tsafta ce. Na fasa ƙwai, na ga farinsa ya yi dishi-dishi kamar ruwan wankin shinkafa, na watsar. Na fasa wani, ga ɗigon jini a kan gwaiduwa, na watsar. Ina kan na huɗu ta riƙe mini hannu.

"Ke 'yar nan, ubanki ne ke da agwagin?"

"Mak, ai sun lalace."

"Kanki ne ya lalace. Wannan mai hazo-hazon jiya aka saka shi, ko hucewa bai gama yi ba. Sai ƙwai ya kwana biyu farinsa ke washewa ya tsinke. Ɗigon jinin kuma 'yar jijiya ce ta fashe wa agwagwa lokacin da ƙwan ke haɗuwa a cikinta. Sa bakin cokali ki ɗauke, ki ci abinki."

Na ji haushi, wallahi, amma na riƙe. Wata rana a gidan biki wata baƙuwa ta ɓare dafaffen ƙwai, ta ga gefen gwaiduwar ya yi kore-kore yana ɗan warin farar wuta, ta fara salati. Mak ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Daɗewa ya yi a wuta, Hajiya, ba ya kisa. Ɗanyen da kika fasa ya buge ki da wannan warin, shi ne baragurbi, shi kam ko kare ba a ba."

Abu ɗaya ne take sauke murya in za ta faɗa. "Lela, in kin ga farin ƙwai ya yi ruwan hoda gaba ɗaya, ko yana wani sheƙi-sheƙi kore, kada ki ce jini ne ya narke. Ƙwayoyin cuta ne suka shige shi ta ɓawo. Wani lokaci ko wari ba ya yi. Ki zubar, ki wanke kofin da sabulu, ki wanke hannunki. Wuta tana dafa abinci, ba ta gyara ruɓa."

Shekaru suka ja. Na lura ta fara kai kofin kusa da hancinta fiye da idonta, tana laluben cokali a inda yake a fili. Yanar ido ce ta rufe mata gani, amma wa ya isa ya faɗa? Rozak ya taɓa kawo zancen asibiti, ta ce ya je ya duba nasa idon da ya zaɓo masa mace mai baki irina.

Sai bikin 'yar Hajiya Rukiah ya zo. Mang Dolah mai agwagi ya kawo ƙwai a kwalekwale, damina ce, duk ɓawon ya yi caɓo. Muna zaune a rumfar girki ta katako da aka kafa a kan ruwa, mata sun fi goma, ana fere albasa ana gulma, Mak a tsakiya tana fasa ƙwai tana ƙirgawa da ƙarfi. A na tara ta yamutsa fuska ta miƙa a zubar, ta fasa wani a madadinsa, warin ya kori mata biyu, aka yi ta dariya ana cewa hancin Wak Bedah ya fi na kyanwa.

A na ashirin da bakwai ina tsaye a kanta da bota a hannu. Na gan shi sarai a cikin kofin, farin ya yi ruwan hoda tun daga sama har ƙasa. Ta shinshina, ba ta ji komai ba, ta juye shi cikin kwanon kafin in buɗe baki.

In na yi shiru, wannan wainar gidan surukai za ta, da sunanta a kai. In na yi magana, kafin la'asar duk bakin kogi ya ji Wak Bedah ta makance, a gaban matan da ta koya wa riƙe ludayi. Ban san lokacin da na yi tuntuɓen ƙarya na tankaɗe kwanon da gwiwa ba. Ƙwai ashirin da bakwai suka bi tsakanin katakon daɓe suka tsiyaye cikin kogi.

Kai, na sha zagi ranar! Hajiya Rukiah ta ce, "Shekara ashirin a gindin murhu, har yau ƙafar hagu biyu gare ki?" Mak ta ɗora nata, ta ce da ta sani da agwagwa ta aura wa ɗanta, ko ba komai za ta yi ƙwai. Na haɗiye, na ɗauki kofin na ce ya faɗi a ƙasa, na je na wanke shi da sabulu har sau biyu, na mayar mata. Aka aika wa Mang Dolah ya kawo wasu. Na ce don in fanshi laifina ni zan fasa, ita ta shinshina. Ta miƙo mini kofin. Muka gasa wainar shimfiɗa bayan shimfiɗa, gawayi sama da ƙasa, ta fito kamar yadda aka saba, iyayen ango suka aiko da yabo.

Da yamma muna komawa gida a kan gadar katako, tana riƙe da hannuna, abin da ba ta taɓa yi ba. Sai ta ce, "Kofin bai faɗi ba, Lela. Da ya faɗi da na ji ƙararsa. Kuma ƙamshin sabulu yake yi har cikin tsagar."

Muka ci gaba da tafiya.

"Wane launi ne ƙwan?" ta tambaya.

"Ruwan hoda, Mak."

Ta tsaya cak, ta daɗe tana fuskantar kogin da ba ta gani sosai. Na zaci faɗa za ta yi, sai ta sauke murya. "Da na kai wa mutane," in ji ta. Ta sake cewa, "Da na kai musu da hannuna." Ni da ban taɓa kuka a gabanta ba, ranar na yi.

Shekara uku muka ƙara muna zuwa biki tare, ni ido, ita hanci, kuma har ta koma ga Allah ba wanda ya ji abin da ya faru a rumfar nan. Matan unguwa har gobe suna tsokanata da ranar da na ciyar da kifin Musi ƙwai ashirin da bakwai, ni kuma in taya su dariya. Kofin yana wurina. Ina kewar faɗanta ƙwarai, har in na fasa mai hazo-hazo nakan ɗan dakata, ko zan ji an tambaye ni wa ke da agwagin.