Azumin da bai karɓu ba da mudu na goma

Shekarar da na shiga ajin tsakiya a makarantar matan aure ta Wulari, a shekarar maigidana ya rantse ba zai sake taka gidan ƙaninsa a Dala ba. Dalilin kuwa dogon yaro ne. Mahaifinsu ya dasa shi, ƙanin ya sassare rassan don suna taɓa wayar wuta, shi kuma Alhaji ya ce an aske wa marigayi kai.

Matsalar ita ce Hajiya, mahaifiyarsu, a can take zaune. Bayan wata biyu ta fara dawo da duk abin da ya aika, har bandar kifin da take so. Ta ce ba kifi ta haifa ba, in yana da ƙafa ya zo.

Alhaji ya ce zai fara yin kaffara, sannan ya je da tsabtarsa. Ya ɗauki azumi uku a tsakiyar zafin Maiduguri, ya kwanta a kan tayil yana nishi, ba wanda ya isa ya yi tari.

Rana ta uku malamarmu, wata Babarbariya mai ƙaramin jiki da babbar murya, ta rubuta ayar kaffarar rantsuwa ta Suratul Ma'ida a allo. Ta zagaye "au" guda biyu da alli.

"Wannan harafi na zaɓi ne," in ji ta. "Ciyar da miskinai goma, ko tufatar da su, ko 'yanta bawa. To azumi fa, da au ya shigo?"

Muka duba, babu. Abin da ke gabansa shi ne "faman lam yajid", wato wanda bai samu ba. Ta ce "man" a nan ta sharaɗi ce, azumin kuma jawabinta ne, shi ya sa aka ɗaura masa "fa". In sharaɗi bai cika ba, jawabi ba ya tsayuwa. Mai halin ciyarwa in ya yi azumi, yunwa kawai ya sha.

Na kasa riƙe dariya, har ta tambaye ni ko lafiya. Halin kirki ya ce in bar Alhaji ya sha ruwa tukuna, amma ilimi sabo ƙaiƙayi gare shi. Ana la'asar na faɗa masa.

"Ke da kika fara Nahawu bara?" ya ce, leɓensa a bushe.

Duk da haka ya ja ni zuwa wurin wani tsohon malami da ake kira Sayinna a Abbaganaram, don a kunyata ni a gaban shaida. A zaure Alhaji ya yi bayanin cewa kasuwa ta mutu, shi ma kusan miskini ne. Sayinna ya dubi mabuɗin motar da ke hannunsa, ya dubi tumbinsa.

"Alhaji, me ke cikin sitonka?"

"'Yan buhuna ne."

"To ka samu. 'Yar nan ta yi karatu. Ka ƙarasa na yau, Allah ya ba da ladar nafila."

Ya ce a ba mutum goma daban-daban mudun Annabi ɗaya-ɗaya na abincin gari, ba a tara wa mutum ɗaya, ba a kuma ba wanda ciyar da shi ke wuyanka. Alhaji ya tambaya ko ni da yaranmu shida za mu shiga lissafi. Sayinna ya ci gaba da jan carbinsa.

Washegari muka auna shinkafa leda goma. Nan Alhaji ya zama alƙali. Mai gadi yana da waya, bai cancanta ba. Mai faci ya yi ƙiba. Wata tsohuwa ta zo sau biyu da mayafi daban, ya gane ta da takalmi. Da ƙyar aka samu tara, ta goman ta kwana biyu a kan firij, ni kuma haushi ya ishe ni don na san jan ƙafa yake yi.

Sai ga matar ƙanin ta zo gaishe ni. Ta zauna muna hira, idonta na komawa kan ledar. Da na matsa mata ta ce tun da injin markaɗen mijinta ya lalace sau ɗaya suke ɗora tukunya, kuma ya hana a faɗa. Kifin da Hajiya ke dawo da shi, tana dawo da shi ne yara na kallo. Kunya ta kama ni, don ni ma ban taɓa leƙawa ba.

Alhaji yana ɗaki, ya ji komai. Ya fito ba hula, ya ɗauki ledar, ya ajiye, ya sa aka loda buhu biyu a mota, sannan ya dawo ya sake ɗaukar ledar.

A Dala ya tsaya ƙarƙashin dogon yaron, wanda ya riga ya yi sabon toho. Ya shiga da sallama, ya durƙusa gaban Hajiya. Ta dubi ledar da ke hannunsa.

"Wannan fa?"

"Ta mutum na goma ce, Hajiya," ya ce. "Duk gari na zagaya ina nemansa, ashe ƙanina ne."