Ƙyallen Bayan Rigunan Ƙwallo

Har yau in na tuna rigunan ƙwallon nan sai raina ya ɓaci.

Lokacin ina surfanin keke a shagon kawuna a Konni, da matata da 'ya'ya biyu, amma a wurinsa ban wuce mai koyo ba. A shadda kam gwani ne. Yakan shimfiɗa takardar buhun simintin Malbaza a ƙarƙashi, ya zuba aiki, ya yage ta tas, don shadda mai kauri tana riƙe zarenta da kanta. Mayafi shara-shara kuma takarda marar kauri yake sa masa, ya tsince ta da bakin allura, tunda duk abin da ya rage sai an hango shi ta gaba. A ƙa'idarsa, telan da ya bar wani abu a bayan aiki malalaci ne.

Sai wani diraktan lakwal daga Dogarawa ya kawo rigunan ƙwallon ɗalibansa, a rubuta sunan makarantar a ƙirji. Ni ya nema da sunana, karo na farko ke nan, ya ce in aikin ya yi kyau zai turo sauran diraktoci.

Rigar ƙwallo miƙewa take kamar danƙo. In aka yage abin da ke bayanta, ba mai riƙe zaren, haruffa su karkace. Don haka na sa farin ƙyalle marar miƙewa, na ɗinka a kansa, na rage gefen da almakashi, na bar faɗin yatsa a kewayen rubutun. A nan zai zauna har rigar ta mutu.

Na tafi bikin suna a Bazaga, kwana ɗaya tak. Na dawo na tarar da kawu da reza, yana kan riga ta ƙarshe. Ya bi tsakanin kowane harafi ya ƙwaƙule ƙyallen, har ya ɗan tsaga rigunan a wurare, wai ya gyara mini ƙazanta kada a zagi shagonsa. Wa ya aike shi? Na ce yadin nan ba shadda ba ne. Ya ce yana kan keke tun ban san hannun damana ba.

Wanki biyu aka yi, direkta ya dawo da su a buhu. Rubutun ya yamutse, tsagar rezar ta zama ramuka. Ya zazzage su a ƙofar shago, gaban telolin layinmu. Na dubi kawu ina jira ya buɗe baki ya ce aikinsa ne, don ɗan 'yar'uwa ba ya ƙaryata kawunsa a bainar jama'a.

Kawu ya ɗaga riga ɗaya, ya girgiza kai.

"Ka yi haƙuri, mushe," in ji shi, yadda ake kiran malaman lakwal da Faransanci. "Yaron ga bai ida koyo ba. In da wani aiki, ni za ka kawo ma."

Direkta ya ce to.