Ɗan Ci-ranin Bayan Rumbu

Wautar da na yi, wadda ko yanzu in na tuna sai na ji kunyar hular kaina, ita ce rabon tsaraba. Ƙanina yana ɗaure da mari a ɗakin bayan rumbu, ni kuwa ina yawo gida gida da sabulun da na saya a kasuwar Bici, ina cewa shi ya aiko daga Ikko, yana gaishe ku. A garinmu haka ake yi. In mutum ya samu taɓin hankali ba a cewa ba shi da lafiya, sai a ce ya tafi ci-rani. Kowa yakan faɗa ya yi shiru. Ni ne dai na ƙara da sabulu, don ban iya ƙarya ba sai da ado.

Ga shi gidajenmu a manne suke, zana ce kawai tsakani. In ya fara surutunsa sai in ɗaga murya in hau yi wa jaki faɗa. Jakin nan ya sha zagin da bai san dalilinsa ba.

Mun yi rubutu, mun yi hayaƙi, mun yi addu'a. Daga baya wani nas na asibitin ƙaramar hukumarmu, wanda ya yi karatun wannan ciwo amma aka ajiye shi yana wankin gyambo, ya ce in kai shi asibitin masu taɓin hankali na birni. Can aka kwantar da shi, aka sallamo shi da ƙwayoyi da allurar wata-wata. Da farko maganin ya sandarar masa da wuya, yawu na zuba, suka ƙara wata 'yar ƙwaya ta sake shi. Damina ba ta ƙare ba sai ga ƙanina da fartanya. Na shelanta wa gari cewa ya dawo daga Ikko.

Sai shekarun nan masu wuya suka shigo. Taki ya gagara, mai ya ɓace, mota daga Kunci sai ka wuni a bakin titi ka gan ta ta wuce a cike. Allurar kuwa sai birni, kuma ba a barin marar lafiya ya tafi shi kaɗai. Muka tsallake wata ɗaya, muka tsallake na biyu. Barci ya ƙaurace masa, ya fara amsa wa mutanen da ba ma gani. Na je na ɗauko marin daga inda na ɓoye, ina kuka na sa masa. Ya sake tafiya Ikko ke nan.

A lokacin ina cikin kwamitin asibitin ƙaramar hukumarmu a matsayin wakilin manoma. Kada a ɗauka don ilimi ne, aji uku na yi na gudu. Keke gare ni, kuma ba na ƙin taron da ake raba lemo. Nas ɗin ya tare ni a gindin darbejiya ya ce, "Baba, an ba asibiti kason gyara na bana, aiki ɗaya tak zai ɗauka. Likita na son katanga. Ni ina son a gyara tsohon sito, a sa gado, a ware shi ga masu wannan ciwo, a riƙa ajiye allurar a nan. Ni ma'aikaci ne, ba ni da baki a wajen. Kai kana da shi."

Na ce, "Baki kam Allah ya ba ni, abin da zan zuba a ciki ne babu."

Ranar taro na ari babbar riga. Shugaban kwamiti wani Alhaji ne ɗan kasuwar gyaɗa. Ga likita, ga babbar sista shugabar ma'aikatan jinya, ga wakilin hakimi, tsoho mai gyangyaɗi da ido ɗaya a buɗe. Likita ya yi bayanin katanga, kuma gaskiya ya faɗa: awaki na shiga har ɗakin haihuwa, an sace injin ruwa. Da aka zo kaina na miƙe na yi ta zuba, lada, zumunci, tausayi, duk abin da na taɓa ji a wa'azi. Alhaji ya bari na gaji.

Ya ce, "Malam, mun ji. To ina marasa lafiyar? Likita, a shekarar nan mutum nawa suka zo da wannan?"

Likita ya ce kusan babu. Ya ƙara da cewa ko an gyara ɗaki, hukumar asibitoci ta jiha ba za ta ware ma'aikaci da magani ba sai an nuna mata akwai buƙata.

Alhaji ya ce, "Ka gani? Akuya dai kowa ya gan ta."

Aka yi dariya, har da ni, don ta yi daɗi. Ina dariyar ne na tuna da safiyar ranar na ga marin ya fara cin idon sawunsa. In aka tashi a kan katanga, a cikin marin zai ci gaba da zama. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba za su zo ba, duk suna Ikko. Nawa ƙanin ma yana can. Ikkon tana bayan rumbuna, taku kaɗan daga inda nake alwala. Da allura yana noma, yana jan sallah in liman ya makara. Ba allura, ƙarfe ne a ƙafarsa, kuma ni na sa masa. Ba ma kawo su nan ne don mun san in mun kawo za a ce mu wuce birni, a kan idon jama'a, a banza mun tona kanmu. Ku sa allurar inda keke zai kai, ku ga ko ba za a dawo daga ci-rani ba."

Na zauna, rigar aro ta jiƙe da gumi. Sai wakilin hakimi ya buɗe ɗaya idon.

Ya ce, "Sabulunka mai kyau ne, mun yi wanka da shi. Amma ka daina zagin jakin nan, mun san ba shi ba ne." Sannan ya ce, "Ni tawa 'yar an ce tana wajen gwaggonta a Minjibir. Ba ta da gwaggo a Minjibir."

Babbar sista ta ce ita ma ta san gidaje, matan sukan zo su nemi maganin barci su ce na miji ne. Alhaji bai ce yana da kowa ba, ban kuma tambaye shi ba, amma ya daɗe yana juya carbi. Aka tsayar cewa za a gyara sito, a rubuta wa hukuma a nemi ta mayar da nas ɗin can, likitan birni ya riƙa leƙowa lokaci lokaci. Likita bai ji daɗi ba, ya ce ranar da aka sace wani injin zai aiko a kira ni. An kuwa sace, ya kuwa aiko.

Abin ya ja watanni, kuma ba wani babban sashe ba ne, gadaje kaɗan ne da kabad mai kwaɗo. Ƙanina na cikin na farko da aka kwantar. Da ya samu kansa na je ɗauko shi a keke. A hanya duk wanda muka gamu da shi sai ya ce, "Sannu da jiki," ba mai cewa sannu da hanya. Shi kuwa yana amsawa a hankali. Ina ta ba shi labarin yadda na kayar da Alhaji, ina ƙara gishiri. Muna isa gonar gero ta bakin gari ya ce in tsaya zai sauka ya ƙarasa da ƙafa.

Ya kakkaɓe rigarsa, ya dube ni ba fushi, ya ce, "Yaya, na gode. Amma da za ka faɗa musu, ai da ka leƙo bayan rumbu ka tambaye ni."